Lissafin Bakin Ƙofa: Nasiha ga Wanda Aka Damƙa wa Teburin Rajista

Ƙannena, in ana shirya babban taron ƙara wa juna sani, manya su ke ɗaukar gayyatar baƙi da zaɓen masu ƙasida, ku kuma matasa akan ce muku, "Ku je ku kula da rajista." Ana faɗin haka kamar an ba ku aikin da ya fi kowanne sauƙi. Ni ma haka na ɗauka ranar da aka fara ba ni, har sai da na ji kunyar da ban manta da ita ba.

Taron na mutum 400 ne, an sa ƙarfe tara na safe. Muka ajiye tebur ɗaya a bakin ƙofar ɗakin taro, ni da wani abokin aikina, da babban littafi, da biro biyu, da tarin katin da ba a rubuta komai a kai ba. Duk wanda ya zo sai ya rubuta sunansa da wurin aikinsa da lambar wayarsa, ya sa hannu, mu kuma mu kwafi sunan a kati, mu zura a leda, mu miƙa masa. Da ƙarfe takwas abin gwanin sha'awa, har hira muke yi da masu sammako. Kafin tara saura kwata layi ya wuce baranda ya kai wurin ajiye motoci. Ƙarfe goma ta yi, mai ƙasidar farko yana zaune yana duba agogo, kujerun ɗakin fiye da rabi babu kowa, alhali masu kujerun suna waje suna shan rana. Ƙarshe shugaban kwamiti ya fito ya ce kowa ya shiga haka nan. Aka rasa lokacin, aka kuma rasa rajistar.

Da na koma gida na yi lissafin da ya kamata in yi tun mako guda kafin ranar. Kowane mutum yana cinye mana kusan minti ɗaya da rabi, wato sakan 90. Mutum 400 ke nan awa goma. Ko da mu biyun muna aiki ba ɗaga kai, awa biyar ce. Ashe ba sanyin jikinmu ba ne, ba kuma makarar jama'a ba ce. Tun kafin mutum na farko ya iso an riga an makara, domin tsarin da muka kafa ba zai iya ɗaukar taron ba ko da aljanu ne a bakin teburin.

Wannan lissafin shi ne jigon abin da nake so ku riƙe. Tambayoyi uku ne. Mutum nawa za su zo a lokacin da aka fi cunkoso? Sakan nawa kowannensu zai yi a gabanka? Hannu nawa ke karɓarsu?

Tambayar farko ita ce ake yawan kuskurewa. Mai shiri yakan ce, "Ai mun buɗe rajista tun bakwai da rabi, muna da awa ɗaya da rabi." Ba ka da ita. Jama'a ba sa zuwa a jere kamar ɗigon famfo. Kaɗan ne ke sammako, galibi sai a rabin awar ƙarshe za su kwararo, wasu ma a motar ma'aikatarsu, ashirin a tashi ɗaya. Saboda haka ka yi lissafinka a kan wannan rabin awar. A ce cikin 400 ɗin, 240 za su iso tsakanin takwas da rabi da tara. Rabin awa sakan 1,800 ne. In kowa zai ci sakan 90, mai karɓa ɗaya mutum 20 kawai zai sallama, kana bukatar masu karɓa 12, da wurin da zai ɗauki layi 12. In ka rage abin ya koma sakan 30, mai karɓa ɗaya zai sallami mutum 60, huɗu sun isa a takarda. Amma kada ka tsaya a huɗun. Layin da aka lissafa shi daidai wa daida ba shi da wurin numfashi: mutum ɗaya ya tsaya neman abu, duk na bayansa sun taru, kuma babu sararin da za a rama. Ka sa biyar, ka ajiye mutum na shida a gefe wanda zai shiga duk inda aka cushe.

Ka lura da abin da lissafin ya nuna. Ƙara masu karɓa yana taimakawa, amma rage sakan ya fi shi araha nesa ba kusa ba. Kuma hanyar rage sakan guda ce: duk abin da za a iya yi jiya, kada a bar shi ga bakin tebur. A gaban tebur abu uku kawai ya halatta. Mutum ya faɗi ko shi wane ne, a miƙa masa katinsa, a yi alama a gefen sunansa. Duk wani rubutu da ya wuce wannan, satar lokacin taro ne.

To, aikin ya koma kan jerin sunaye, kuma a nan ne zan daɗe, domin a nan ƙasarmu take da nata sarƙaƙiyar.

Wanda ya taɓa ganin babban taro ya san ana raba layi da haruffa: wannan tebur daga A zuwa F, wancan daga G zuwa L, haka har ƙarshe. Ka gwada wannan a Kano ko Zariya ko Sakkwato ka sha kallo. Abubakar, Abdullahi, Aminu, Aliyu, Adamu, Ahmad, Aisha, Amina, Asma'u, Auwalu, duk suna harafi ɗaya. Muhammad, Musa, Mustafa, Maryam, Mansur, Murtala, Mukhtar, suna wani. Teburin farko zai cika har ya tumbatsa, mai riƙe da na ƙarshe yana hamma yana jiran wani Yakubu ko Zainab. Ba haruffa ake rabawa daidai ba, mutane ake rabawa. In jerinka yana cikin Excel, sunaye kuma suna ginshiƙin B, wannan zai gaya maka mutum nawa ne sunansu ya fara da A:

```
=COUNTIF(B2:B401,"A*")
```

Ka canja harafin ka ga na M, za ka gane abin da nake nufi.

Sai matsala ta biyu, wadda ta fi wannan cin rai. Da wane suna za a nemi mutum? Mu sunan yanka muke fara faɗi, sai na uba, wani ya ƙara na kaka ko na gari ko na unguwa. Wanda aka rubuta Ibrahim Musa Gaya, misali ne kawai na ƙirƙira, yana iya zuwa ya ce maka Musa, domin haka takardunsa na makaranta suka fara, ko ya ce Gaya, domin haka ake kiransa a ofis. Matar aure wata da sunan mahaifinta aka yi mata rajista, ita kuma da na mijinta take amsawa a wurin aiki. Ga kuma rubutun: Muhammad, Mohammed, Muhammed, Moh'd, Mamman, Usman da Uthman da Othman suna harafi biyu daban, Aisha da A'isha da Aishatu kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne. Mafi muni shi ne in an bari laƙabi ya shiga gidan suna. Da zarar an rubuta Alhaji da Hajiya da Dakta da Malam a gaban suna, an jera, to duk alhazan sun koma A, duk malaman sun koma M. Laƙabi ya samu ginshiƙinsa daban, sunan farko nasa, sauran suna nasu, wurin aiki nasa, lambar waya nata.

Dabarar da na ga ta fi fitar da mutum ita ce a haɗa harafi da lamba. Kwana biyu kafin taro ka rufe jerin. Ka tsabtace shi, ka cire wanda aka maimaita, ka jera shi bisa sunan farko, sannan ka ba kowa lamba daga 001 zuwa 400 a wannan jerin. Ka yanka shi gida biyar, tamanin-tamanin: teburi na ɗaya 001 zuwa 080, na biyu 081 zuwa 160, na uku 161 zuwa 240, haka har ƙarshe. Sai ka tura wa kowa gajeren saƙo ta waya: lambarka 217, teburi na uku, rajista daga bakwai da rabi, za a fara ƙarfe tara. Neman kati a cikin tamanin da aka jera bisa lamba ba ya ɗaukar sakan goma, kuma lamba ba ta da laƙabi, ba ta da rubutu iri uku. Amfanin jera sunaye kafin ba da lamba kuwa biyu ne. Wanda ya manta lambarsa ana iya gano ta da sunansa nan take. Sannan 'yan ma'aikata ɗaya, da yake sunayensu ba harafi ɗaya ba ne, in motarsu ta sauke su sai su watsu a tebura biyar. Da a ce bisa ma'aikata ka ba da lambar, su ashirin ɗin kan mutum ɗaya za su faɗa.

Wani ɗan gargaɗi kan lambar waya, tun da da ita za ka tura saƙon: Excel yana ɗaukar ta a matsayin adadi, sai ya jefar da sifirin farko. Ka mayar da ginshiƙin Text kafin a fara shigar da lambobin, ba bayan an gama ba.

Yanzu katin kansa. Masu zane suna son cika shi da tambarin ƙungiya da taken taro da sunayen masu ɗaukar nauyi, sunan mai katin kuma a matse shi a ƙasa kamar an yi masa alfarma. Wannan juya abu ne. Duk wanda ke cikin ɗakin ya san taron da ya zo. Abin da bai sani ba shi ne sunan wanda ke tsaye a gabansa lokacin shan shayi. Sunan ya zama shi ne mafi girma, baƙi a kan fari, wanda za a karanta daga taku biyu ko uku ba sai an sunkuya kan ƙirjin mutum ba, abin da ba ya kyautuwa, balle tsakanin namiji da mace. Girman harafi 36 zuwa 48 yakan yi. Wurin aiki ya biyo ƙasa da rabin wannan girman, lambar rajista kuma a kusurwar sama, inda mai karɓa zai gan ta katin yana cikin kwali. Takardar A4 tana ba da kati huɗu masu girman A6, ko takwas masu girman A7. Amma kada ka zaɓi girma sai ka sayi ledar da za a zura katin ka auna ta. Na taɓa ganin an kwana ana rage gefen kati ɗari uku da almakashi saboda an buga kafin a je kasuwa.

Ba da hannu za ka shigar da suna 400 ba. A cikin Word akwai sashen Mailings. Ka zaɓi Start Mail Merge, sannan Labels, ka haɗa shi da jerinka na Excel, ka tsara katin farko yadda kake so. Inda sababbin hannu ke tuntuɓe shi ne mantawa da danna Update Labels, sai a buga a ga kati ɗaya ne kawai ke da suna a kowane shafi. Kafin ka saki duka, buga shafi ɗaya na gwaji, kuma ka zaɓi shafin da ke da suna mafi tsawo a jerin, ka ga ko ya shiga. Ka duba haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, domin wasu nau'o'in rubutu ba su da su, sai su fito da ɗan akwati a madadinsu, ko harafin ya fito da wata siffa daban da 'yan'uwansa. Mutumin Ƙanƙara ko Ɗanbatta ba zai ji daɗin ganin sunan garinsu da rami a ka ba.

Maganar laƙabi a kan kati, ku yanke ta a kwamiti tun da wuri. Ko a sa wa kowa wanda ya rubuto da kansa, ko kada a sa wa kowa. Abin da ke jawo rigima shi ne a sa wa wani Farfesa a manta da na kusa da shi. In kuwa akwai mai sarauta, kada ka yi kirdado. Ka tambayi wanda ya san gidan yadda ake rubuta sarautar.

Igiyar rataya ta fi fil a wurinmu. Ba wanda zai so a huda masa sabuwar shadda, kuma mai hijabi ko mayafi ta fi samun sauƙin ratayawa. Aibin igiya biyu ne. Katin yana juyawa, rabin jama'a su yini suna nuna wa duniya farar takarda. Maganinsa a buga sunan gaba da baya, ko a zura kati biyu baya da baya. Na biyu, igiyoyi in aka zuba su wuri ɗaya sukan cukurkuɗe kamar taliya. Saboda haka katunan su zauna a tsaye cikin kwali bisa lamba, da ɗan kwali mai tsayi a tsakanin kowane goma, igiyoyin kuma a rataye su a jikin sanda ko bayan kujera, wani yaro a gaba kaɗan yana miƙawa. Mutum ya maƙala abinsa yana tafiya. In da takardar abinci, a zura ta bayan katin tun daren jiya.

Jakar taro da littafin rubutu da jadawali, a ɗora su kan kujeru kafin kowa ya zo. In ana tsoron wani ya ɗauki biyu, a raba su a wani tebur can cikin ɗaki. Haka kuma takardar halarta, wadda masu ɗaukar nauyin taro kan dage sai an sa mata hannu, musamman in akwai kuɗin mota. Ita ce babbar mai kashe safiya, domin nan ne mutum zai tsaya yana laluben lambar asusunsa a waya. A buga ta da sunaye a kai, sa hannu kawai ya rage, a zagaya da ita sahu-sahu bayan an zauna, ko a ajiye ta sai lokacin shayi. Lambar asusu kuwa a karɓe ta tun wajen rajistar farko. Takardar da ke ɗauke da lambobin waya da na banki tana yawo hannu-hannu ba abin wasa ba ce. Najeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023, kuma ko ba doka, amana ce.

Duk yadda ka tsara, akwai waɗanda ba za su shiga tsarin ba. Wanda bai yi rajista ba. Wanda maigidansa ya turo a madadinsa. Wanda aka kuskure sunansa. Wanda ya rantse ya biya amma ba ya cikin jeri. Kowannensu yana iya cin minti biyar, kuma minti biyar a layin sakan 30 mutum goma ne suka tsaya. Waɗannan a yi musu nasu tebur, a ɗan nesa da sauran, da katuna marasa suna, da alƙalami mai kauri, da cikakken jeri, da mutumin da ke da ikon yanke hukunci ba sai ya je neman shugaba ba. Ka koya wa masu karɓa jimla ɗaya: "Ranka ya daɗe, ga teburin can, yanzu za a gyara maka." Ba gardama, ba bincike, ba kiran waya. In ba a ga kati cikin sakan goma sha biyar ba, a tura shi can cikin mutunci, na baya ya matso. Masu ƙasida da manyan baƙi su ma kada su shiga layi. A ba wanda ya san fuskokinsu katunansu a hannu, ya tare su tun daga mota.

Akwai wani abu da ba ya cikin lissafin sakan amma yana cinye shi, wato gaisuwa. Ba za ka ce wa Bahaushe kada ya gaisa ba, kuma yaron da dattijo ya tsaya gabansa ba zai miƙa kati bai tambayi gajiya da iyali ba. Ni ban ga laifin wannan ba, kuma ba na son teburin da ake karɓar mutane kamar ana raba katin asibiti. Abin yi shi ne a matsar da gaisuwar gaba. A tsayar da mutum biyu masu fara'a, namiji da mace, tun a farkon shiga, riƙe da jerin sunaye. Su ne za su yi sannu da zuwa, su tambayi lamba, su duba wa wanda ya manta, su nuna tebur. Mutum in ya riga ya sha gaisuwa, a gaban tebur sallama ta wadatar. In taron irin wanda mata ba za su so cakuɗa da maza a layi ba ne, a ware musu tebur tun wajen ba da lamba, a ƙirga su, a ba su masu karɓa gwargwadon yawansu, ba a tuna da su da safe a jawo musu ɗan benci ba.

Inda aka ajiye teburan ma yana da nasa hukunci. Kada su toshe ƙofar ɗakin taro. A ja su baya ko gefe, ta yadda wanda ya karɓi kati zai wuce gaba, ba ya juyo ya ratsa layi ba. Alamar kowane tebur a ɗaga ta sama da kan mutum. Wadda aka manna a gaban tebur, mutum uku na tsayawa ta ɓace. In akwai binciken jami'an tsaro a ƙofar waje, ka je ka auna su su ma, domin in mutum ɗaya ne ke duba jaka, tebura biyar ɗinka zaman jira za su yi. Kuma kada ka jingina safiyarka ga wuta ko intanet. Ko da kwamfuta za a yi alamar halarta, kowane tebur ya samu shafinsa a takarda.

Da yammacin jajibiri ku yi gwaji. Ku tara mutum goma daga cikinku, ku ba su lambobi, ɗaya ya zama wanda ya manta tasa, ɗaya wanda babu sunansa, wani ya riƙe agogon waya yana aunawa. In goman sun wuce tebur ɗaya cikin minti biyar, lissafinka ya tsaya. In sun kai minti takwas, akwai abin da ke cin lokaci, kuma za ka gan shi da idonka: ko katunan sun matsu a kwali ba sa zaruwa, ko rubutun jerin ya yi ƙanana, ko mai karɓa yana tambayar abin da ba a sa shi ba.

Ranar taro ku iso shida da rabi, ku karya tun kafin a buɗe, domin daga takwas ba mai tashi. Wanda ke shugabantar rajista kada ya zauna a tebur. Ya tsaya inda yake ganin layukan duka. Alamar da zai sa wa ido mai sauƙi ce: a tsarin sakan 30, mutum goma a layi jiran minti biyar ne. Layin da ya wuce haka, a tura masa mutum na shida, a raba kwalin biyu, wannan ya ɗauki arba'in ɗin farko, wancan na ƙarshe. Tara saura minti goma a sanar cewa a shiga. Tara daidai a rufe tebura uku, a haɗe katunan da suka rage a biyu, waɗanda za su zauna har lokacin shayi saboda masu makara, a kuma kai wa mai gabatarwa adadin waɗanda suka shiga. Katunan da suka saura a kwali bayan shayi kada a zubar. Su ne jerin waɗanda ba su zo ba, kuma da su za ka gaya wa mai abinci kwano nawa zai rage kafin azahar.